Yadda za ka gwada gocewar buruji daga tsakar gidanka

Jadawalin buruji yana cewa rana tana shiga Hamal a 20 ko 21 ga Maris. Amma a wannan kwanan taurarin da ke bayan rana na Hutu ne, kuma ba za ta isa taurarin Hamal ba sai wajen 18 ga Afrilu. Dalilin shi ne abu biyu ake kira da suna ɗaya. Akwai buruji na lissafi, wato an raba hanyar da rana ke bi a shekara gida 12, kowane gida digiri 30, an fara ƙirga daga inda take ranar da dare da rana suke daidaita a Maris. Akwai kuma gungun taurarin da ido ke gani, waɗanda aka ari sunayensu aka sa wa gidajen. Wajen shekara 2,000 da suka wuce gida da taurarinsa suna kusan wuri ɗaya. Yanzu sun rabu, kuma mutumin Gusau, Tsafe ko Bunguɗu yana iya auna rabuwar da sanda, zare da agogo. Wannan aikin hisabi ne, babu duba a cikinsa.

Mataki na farko: nemo layin kudu da arewa

Ka samu sanda miƙaƙƙiya mai tsawon mita ɗaya a saman ƙasa, ka kafa ta a shimfiɗaɗɗen fili, ka gwada tsayuwarta da zare mai ɗaure da dutse. A 20 ko 21 ga Maris, daga hantsi, ka riƙa sa tsakuwa a bakin inuwar duk bayan rabin awa. Za ka ga tsakuwoyin sun jeru a miƙe daga yamma zuwa gabas. In ban da ranar daidaiton dare da rana ta Satumba, a sauran kwanakin shekara layin lanƙwasa yake yi, saboda haka miƙewarsa ita ce shaidar cewa rana tana kan mafarin lissafin buruji.

Inuwa mafi gajarta ba ƙarfe 12 take zuwa ba. An ɗora agogon Najeriya a kan layin digiri 15 na gabas, Gusau kuwa tana wajen digiri 6 da biyu bisa uku, don haka a wannan kwanan zawali yakan kai kusan 12:40. A lokacin inuwar za ta kai santimita 21 ko 22, tana fuskantar arewa sak, domin garuruwan nan uku suna wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya. Ka ja wannan layin ka tsawaita shi. A kansa ka rataya zare biyu masu nauyi, ɗaya a kudu ɗaya a arewa, da tazarar taku uku, yadda in ka tsuguna bayan na arewa za ka ga sun haɗu sun zama ɗaya.

Mataki na biyu: duba abin da ke kishiyar rana

Ba a ganin taurarin da ke bayan rana, don haka dabarar ita ce a dubi kishiyarta. Awa 12 bayan zawali, wato 12:40 na dare, abin da ke bisa layinka shi ne ke fuskantar rana daga ɗaya ɓangaren. Kishiyar farkon Hamal a lissafi shi ne farkon Mizan. Da gidaje da taurari suna tare, da taurarin Mizan za ka tarar suna shigowa layin.

Ba su za ka gani ba. Kusan bisa kanka akwai Sarfa, tauraron wutsiyar Asad, wanda bai daɗe da ƙetare layin ba, a kudu da shi kuma farkon taurarin Sumbula ne. Taurarin Mizan suna can gabas, sai wajen ƙarfe uku da rabi za su iso. Ba sai ka fita bayan gari ba, balle a wannan zamani da fitar dare ke da haɗari a yankin nan. Tsakar gida ko saman soro ya isa, muddin an kashe fitilu.

Mataki na uku: auna Simaku

Nan ne ainihin aikin. Simaku shi ne tauraro mafi haske a Sumbula, kuma da shi aka fara gano wannan gocewa. Don ka same shi, dubi arewa ka nemo Banatu Na'ashi, taurari bakwai masu siffar ludayi. Bi lanƙwasar mariƙin ludayin zuwa kudu, za ka fara cin karo da wani tauraro mai haske, jaja-jaja. Shi ma Simaku ake ce masa, Simakur Ramihi, amma ba shi kake nema ba, kuma nan ne masu koyo suka fi ruɗewa. Ci gaba da bin lanƙwasar har ka kai ga wani fari mai ɗan shuɗi da ke zaune shi kaɗai. Wannan ne Simakul A'azal.

Zauna bayan zarenka ka jira. Zai hau layin da misalin 2:05 na dare, yana sama ƙwarai ta kudu, digiri 66 daga ƙasa, don haka sai zaren kudu ya yi tsawo ko kai ka matso kusa da shi. Daga 12:40 zuwa 2:05 minti 85 ke nan. Sama tana juya digiri ɗaya a minti huɗu, saboda haka ka raba 85 gida huɗu, ka samu digiri 21 da ɗoriya. Agogo yana auna tazara ne a kan ɗamarar tsakiyar sama, alhali hanyar rana a karkace take, kuma in aka mayar da awon kan hanyar ranar sai ya zama digiri 24. Ma'ana, tauraron da ya fi kowane suna a Sumbula yau yana digiri na 24 cikin gidan Mizan.

Sai a kwatanta da tsohon awo. Hifarkus, masanin falakin Girka da ya yi aiki a tsibirin Rodas wajen shekara 130 kafin haihuwar Annabi Isa, ya sami Simaku saura digiri 6 ya kai farkon Mizan. Da ya duba awon Timokaris, wanda ya riga shi da kusan shekara 150, sai ya ga digiri 8 aka rubuta. Daga nan ya gane cewa tazarar tana sauyawa. Daga saura 6 zuwa wucewa da 24 digiri 30 ke nan, gida guda cif. Shekarun da ke tsakaninmu da Hifarkus kusan 2,155 ne. Raba su da 30, ka samu shekara 72 ga kowane digiri. Ninka 72 sau 360, ka samu kusan shekara 26,000 kafin a zagayo.

Masana sun daɗe suna gyara wannan adadi. Batlamus ya ce digiri ɗaya a shekara 100, ya rage saurin gocewar da yawa. Albattani, wanda ya yi awonsa a Rakka ta ƙasar Sham ya rasu a 929, ya ce 66. Nasiruddin Aɗɗusi a Maraga ya ce 70. A ganina abin lura shi ne kowannensu da rubutun na gabansa ya yi aiki, domin a tsawon ran mutum ɗaya sama digiri guda kawai take gocewa, ƙasa da kaurin yatsa in ka miƙe hannu.

Mataki na huɗu: tsare kanka daga kuskure

Taurari suna riga agogo da minti huɗu kowane dare saboda zagayen da duniya ke yi wa rana. Wannan ba gocewar da muke magana ba ce. In hazo ya hana ka awo a daren 21 ga Maris ka yi bayan mako guda, Simaku zai iso layin da wuri da minti 28, sai ka mayar da su kafin ka raba. In amsarka ta fita ƙasa da 18 ko sama da 25, ko dai sandar ta karkace, ko zaren ba su kan layi, ko jan Simakun ka bi, wanda shi sai kusan ƙarfe uku yake isowa. Farin wata kusa da tauraron ma yana wahalar da gani. Mai Stellarium a waya ko kwamfuta yana iya rubuta `Spica` ya tabbatar da tauraron da yake kallo.

Me ke jawo gocewar

Taurarin ba su ne suka tashi ba, mafarin awon ne ke ja da baya. Duniya tana da ɗan tumbi a tsakiya, faɗinta ta nan ya fi na tsakanin ƙuryar arewa da ta kudu da kusan kilomita 43, kuma tana juyawa ne a karkace da digiri 23 da rabi. Rana da wata suna jan wannan tumbi kamar za su miƙar da ita. Abu mai juyawa kuwa ba ya miƙewa in an ja shi haka, sai dai kansa ya riƙa zagaye a hankali, kamar katantanwar da yara suka murza in ta fara layi. Niyuton ne ya bayyana wannan dalili a 1687. Da kan duniya ya zagaya, sai mahaɗar ɗamarar sama da hanyar rana ta zame yamma, gidajen 12 duka su bi ta.

Shi ya sa tauraron arewa, wanda za ka gani digiri 12 bisa ƙasa in babu gini ko dutse a gabanka, riƙon ƙwarya yake yi. Lokacin da ake gina dalar Masar wani tauraro ne daban, Su'uban, ke kusa da wannan matsayi.

Mataki na biyar: gwada da kwanan wata

Ɗauki 1 ga Oktoba. Jadawali zai ce Mizan, amma rana tana tsakiyar taurarin Sumbula, inda take shiga wajen 16 ga Satumba ta kuma zauna har ƙarshen Oktoba. Kada ka ɗauka ja da baya da gida ɗaya zai daidaita komai, domin gungun taurari ba girmansu ɗaya ba. Bisa iyakokin da ƙungiyar masana falaki ta duniya ta wallafa a 1930, rana tana yin kwana 44 ko 45 a Sumbula, ta yi mako ɗaya kacal a Akrabu, sannan daga ƙarshen Nuwamba zuwa 17 ga Disamba ta ratsa Hawwa'u, wanda ba ya ma cikin 12 ɗin.

Kalandar Miladiyya ba ta jin wannan sauyi, domin an ɗaure ta ne da daidaiton dare da rana, ta Hijira kuwa wata take bi. Wanda abin ya shafa shi ne mai ƙirga damina da fitowar tauraro. Shekarar taurari ta fi shekarar yanayi da minti 20, kuma minti 20 sau 72 kwana ɗaya ne daidai. Kaza da 'ya'yanta, wadda rana ke rufewa wajen 20 ga Mayu kafin ta sake ɓullowa da asuba a Yuni, tana makara da kwana guda duk shekara 72. Daga jihadin 1804, zamanin da 'Yandoto ta ƙasar Tsafe ke cike da malamai, zuwa yau kwana uku ne kawai, abin da saɓawar ruwan shuka daga shekara zuwa shekara ta shanye. Amma jadawalin manzilolin wata da aka kwafo daga littafin da ya shekara 1,000 ya goce da mako biyu, wato fiye da kwana 13 na manzili guda.