Muƙalar da Aka Mayar: Darasi kan Kafa Hujja a Bincike

Gabatarwa

Ɗalibai da yawa sun ɗauka cewa idan mujallar ilmi ta mayar wa mutum da muƙalarsa, to, ƙiyayya ce ko kuwa rashin sanin wani babba. Labarin da ke biye ƙagagge ne, amma littattafan da aka ambata a cikinsa na gaskiya ne, haka kuma kurakuran da aka nuna irin waɗanda masu duba muƙalu suka saba kamawa ne.

Labarin

A shekarun 1980 an yi wani matashin malami a Sashen Hausa na wata jami'a, haifaffen Gaya, jikan maƙera. Shekararsa biyu da kama aiki, ba a kuwa tabbatar masa da muƙaminsa ba, domin bai taɓa buga ko da muƙala ɗaya ba. Da hutun damina ya zo sai ya ɗauki rikodarsa ya nufi gida. Tun yana yaro yake jin tsofaffi suna cewa wani maƙeri mai suna Kano ne ya tashi daga Gaya neman tama, ya sauka a gindin Dala, kuma zuriyarsa su ne Abagayawa. Ya zauna da dattawa biyar a wata maƙera a Gaya, ya kuma ƙarasa Ajingi ya zanta da wasu uku. Cikin wata guda ya buga muƙala mai shafi ashirin, inda ya yanke hukunci cewa maƙeran Gaya ne suka kafa Kano a shekarar 999, kuma babu wanda suka tarar a wurin.

Bayan wata huɗu ambulan ya dawo. Edita ya rubuta layi uku na ban-haƙuri, ya haɗo da rahotannin masu dubawa biyu waɗanda ba a bayyana sunayensu ba. Malamin ya karanta shafin farko kawai, ya jefa takardun cikin aljihun tebur, ya yi mako biyu yana gaya wa abokansa cewa mutanen birni ba sa son a ɗaga Gaya.

Rannan ya kai ƙara wurin wani tsohon malaminsa a sashen. Ya ce, "Allah gafarta Malam, an zalunce ni."

Dattijon ya karɓi rahotannin ya karanta a tsanake, sa'an nan ya ce, "Malam, wanda ya ƙi ka ba ya ɓata shafi huɗu a kanka. Koma ka ja layi ƙarƙashin kowace tambaya da suka yi, ka rubuta amsarta a gefe. Wadda ka kasa amsawa, nan aikinka yake."

Tambaya ta farko daga mai dubawa na farko ta zo, wanda da alama masanin tarihi ne. Malamin ya rubuta cewa littafin Tarihin Kano ya buɗe da labarin maƙerin nan na Gaya. Mai dubawa ya tambaya: a wane shafi? Gaskiyar magana ita ce malamin bai taɓa buɗe littafin ba. A wani littafi dabam ya ga an kawo labarin maƙerin kusa da ambaton Tarihin Kano, sai ya haɗe su. Ya tafi laburare ya nemo fassarar Turanci da H. R. Palmer ya buga a 1908, da kuma ta Hausa da ke cikin littafi na biyu na Labarun Hausawa da Maƙwabtansu na 1933. Nan ya ga cewa da Barbushe littafin ya fara, mutumin da aka ce daga zuriyar Dala yake. Shekarar 999 kuwa ta Bagauda ce, wanda ya zo ya tarar da mutane a ƙasar. Har ila yau ita kanta shekarar ba a rubuce take a asalin littafin na Larabci ba. Tsawon sarautar kowane sarki aka bayar, sai aka yi lissafi ana komawa baya daga ƙarni na 19, inda littafin ya tsaya a kan Sarki Muhammadu Bello. Saboda haka kuskure a tsawon sarauta ɗaya yana gusar da duk shekarun da suka gabace ta. Ya kuma tarar da ambaton Gaya a zamanin Sarki Yakubu ɗan Abdullahi Barja, wanda lissafin Palmer ya sanya tsakanin 1452 da 1463, inda aka ba da labarin zuwan Agalfati Sarkin Gaya, ɗan Sarkin Macina. Wannan bayani, wanda ya shafi garinsu kai tsaye, ko kaɗan bai shiga muƙalarsa ba.

Tambaya ta biyu ta fi ta farko ciwo. Malamin ya rubuta cewa dattawa takwas sun tabbatar da labarin. Mai dubawa ya ce: su wane ne, shekarunsu nawa, mece ce sana'arsu, daga bakin wa kowannensu ya ji, kuma tare aka zanta da su ko ɗaya bayan ɗaya? Da malamin ya sake sauraron kaset ɗin Gaya sai ya ji abin da bai lura da shi ba a da. Babban cikinsu ne kaɗai ya ba da labarin, sauran huɗun kuwa "haka ne" da "ƙwarai kuwa" suke ta faɗi, domin ba a musa wa babba a gaban baƙo. Watau bakin mutum ɗaya ne aka ƙirga sau biyar. Bugu da ƙari, ya ɗebo farkon labarin daga Gaya, ya ɗebo ƙarshensa daga Ajingi, ya ɗinke su suka zama labari guda mai daɗin karatu wanda babu dattijon da ya taɓa faɗarsa a haka.

Mai dubawa na biyu masanin harshe ne, kuma jimla ɗaya tak ya riƙe. A shafi na tara malamin ya kawo maganar wani tsoho na Ajingi cewa mutanen Gaya "sun taras da maƙera a gindin Dala", ya fassara ta da cewa kufan wurin ƙira suka samu, ba kowa. Mai dubawa ya tuna masa cewa a rubutun yau da kullum kalmomi biyu ne suke da wannan kama. Akwai maƙera, wurin da ake ƙira, wadda gaɓoɓinta uku duk karin sautin sama gare su. Akwai kuma maƙera, jam'in maƙeri, wadda take da karin sama, ƙasa, sama. Da a ce kalmar a farkon jimla ta zo, da lamirin da ya biyo ta ya raba gardama, ko "ta" ko "sun". A nan kuwa babu abin da ya biyo ta sai "a gindin Dala", don haka karin sauti kaɗai ne zai nuna wadda tsohon yake nufi. Tun a ƙamusun Bargery na 1934 ake nuna karin sautin kalmomi, in ji mai dubawa, saboda haka mai nazarin Hausa ba shi da uzurin barinsa a inda ma'ana ta rataya a kansa.

Malamin ya mayar da kaset baya ya saurara har sau shida. Muryar tsohon ta sauka a gaɓa ta tsakiya. Mutane yake nufi, ba wuri ba. Jimlar da ya kafa a matsayin ginshiƙin muƙalarsa ita ce take rushe ta.

Da kaka ta yi ya sake komawa, amma wannan karo da tsari. Ya zanta da kowane mutum shi kaɗai, ya buɗe wa kowa shafi a littafinsa: shekaru, sana'a, unguwa, ranar hira, da wanda ya ji labarin daga gare shi. Ya sa manoma da malaman zaure da tsofaffin mata a ciki, domin maƙeri yana da rabo a labarin da ke ɗaukaka maƙera. A Ajingi ya sami tsohon nan a zaune kusa da uwar maƙera, jikansa yana zuga masa wuta. Bayan gaisuwa ya ce, "Baba, rannan da ka ce an taras da maƙera a Dala, mutane ne ko kuwa wurin aikinsu?"

Tsohon ya ajiye awartaki ya ce, "Mutane mana, ɗana. Wa zai yi tafiyar kwanaki neman tama in bai ji labarin masu fasa ta ba? Haka kakana ya faɗa mini."

Ya kuma gano cewa sauran biyun na Ajingi a gida ɗaya suka koyi ƙira a Gaya, gidan dattijon da ya yi magana a kaset na farko, saboda haka ba shaidu ne masu zaman kansu ba. Wani kuma ya ce shi a makarantar firamare ya fara jin sunan Abagayawa. Daga baki takwas, ruwayoyi biyu ne kacal suka rage masu tushe dabam-dabam, kuma sun saɓa wa juna a kan ko an tarar da mutane a Dala.

Sabuwar muƙalar ba ta ce ga wanda ya kafa Kano ba. Ta kawo ruwayoyin biyu kowace a yadda aka faɗe ta, da alamun karin sauti da tsawon wasali, ta jera su kusa da abin da Tarihin Kano ya ce. Ta ambaci cewa binciken masu haƙa kufai ya nuna ana narka tama a Dala tun wajejen ƙarni na 7, amma ta yi gargaɗin cewa toka da kashin tama ba sa faɗin garin da mai su ya fito. Abu ɗaya ne malamin bai karɓa ba. Mai dubawa na farko ya nemi a cire labarin maƙerin gaba ɗaya tun da ba a iya tabbatar da shi. Malamin ya amsa cikin ladabi cewa labarin shaida ne a kan yadda maƙeran Gaya suke kallon kansu da dangantakarsu da birni, ko da bai zama shaida a kan abin da ya faru shekaru dubu da suka wuce ba. Edita ya yarda da wannan. Aka sake mayar masa da muƙalar don ƙananan gyare-gyare, sa'an nan aka buga ta a shafi goma sha ɗaya. Wasu daga cikin danginsa ba su ji daɗinta ba, har wani kawunsa ya ce boko ya sa ya sayar da gadon gidansu.

Kammalawa

Kurakuran nan uku suna da alamomin da marubuci zai iya gane su tun kafin muƙala ta bar hannunsa. Idan ya ambaci littafi amma ya kasa faɗin shafi, to, bai karanta ba. Idan ya ce mutane kaza sun tabbatar, sai ya duba ko daga tushe nawa maganarsu ta fito, domin tushen ake ƙirgawa ba bakunan ba. Idan kuma hukuncinsa ya dogara a kan kalma ɗaya da ya ji daga baki, to, wajibi ne ya koma ga kaset ya rubuta karin sautinta kafin ya fassara ta.