Amsoshin Tambayoyinku: Takardar Dubawa a Ɗakin Tiyata

Wata mai sauraro daga Matameye ta tambayi abin da ya sa aka yi ta maimaita mata tambayoyi kafin tiyata.

Waɗannan tambayoyi suna cikin tsarin takardar dubawa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008, inda ma'aikata ke dakatawa sau uku. Kafin a sa mutum barci, ana tabbatar da sunansa, da wurin da za a yanka, da magungunan da jikinsa ba ya karɓa, domin kuskure a nan yana da wuyar gyarawa. Kafin yanka, ana tabbatar an ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin minti 60 da suka gabata. Kafin a fito da shi kuwa, ana ƙirga allurai da auduga, kada a manta wani abu a cikinsa.

Majinyaci ya amsa da gaskiya, ko da an tambaye shi sau da yawa.