Gyaran Motsi a Graph Editor: Karanta Lankwasar Layi

In motsin da ka ƙera a Blender ya fito yana lilo kamar ba nauyi, ko ya sandare kamar na inji, kada ka yi gaggawar ƙara Keyframe. Buɗe Graph Editor ka duba layin. Gangarensa shi ne gudu: inda ya yi tsaye abu na sauri, inda ya kwanta abu ya tsaya.

Ɗauki ƙwallo mai faɗowa daga firam na 1 ta bugi ƙasa a firam na 12. Zaɓi layin Z Location kaɗai. Blender kan kwantar da hannayen maki a sama da ƙasa duka, shi ya sa ƙwallon ke rage gudu kafin ta taɓa ƙasa, alhali abu mai faɗowa ƙara gudu yake yi. Zaɓi makin ƙasa, danna V, ka zaɓi Vector, sai wurin ya yi tsini. A makin sama kuwa, bar hannayen a kwance, ka ɗan ja su su yi tsawo don ƙwallon ta ɗan dakata a iska.

Sandarewa kuma daga miƙaƙƙun layuka take zuwa, domin gudun ba ya canzawa. Danna T, ka sauya Linear zuwa Bezier, sannan ka bambanta hannayen biyu: tashi da sauri, tsayawa a hankali.

Kada ka ja hannu ya zarce: layin zai haure makin, ƙwallon ta nutse cikin ƙasa. Kunna motsin bayan kowane gyara.