Kamfani ya kasa biya, shugaba ya ci gaba da cin bashi: wa zai biya?

Aikina lissafin kamfanoni ne, kuma yawancin masu kawo mini takardunsu a nan Banifandou ƙananan 'yan kasuwa ne da suka yi rajistar kamfani irin na SARL: masu sayar da kayan gini, masu motocin dakon kaya, masu ƙananan kwangiloli. Kusan dukkansu sun riƙe magana ɗaya da aka gaya musu ranar rajista, cewa bashin kamfani na kamfani ne, ba ya taɓa gidan mai shi. Maganar gaskiya ce, amma tana da iyaka, kuma iyakar tana da rana. Daga ranar da kamfani ya kasa biyan bashin da lokacinsa ya yi, duk abin da shugabansa ya aikata yana iya dawowa kan aljihunsa.

Dokar da ke hukunci a nan ta OHADA ce, ƙungiyar da Nijar ke ciki tare da wasu ƙasashe 16, wadda aka kafa da yarjejeniyar Port-Louis ta 1993. Dokarta ta kamfanonin da bashi ya kayar, wadda aka sabunta a 2015, ita Kotun Kasuwanci ta Yamai ke aiki da ita. Sashe na 25 ya fayyace abin da ake nufi da tsayawar biya: kuɗin da kamfani zai iya sa hannu a kansu yau ba su kai bashin da ya wajaba a biya yau ba, kuma babu banki ko mai bin bashi da ya ƙara masa wa'adi. Idan haka ta faru, shugaba yana da kwana 30 ya je ofishin magatakardan kotu ya bayyana.

A wajen wannan awo mutane suka fi ruɗin kansu. Kayan da ke jibge a sito ba kuɗin hannu ba ne. Filin da kamfani ya mallaka ba kuɗin hannu ba ne. Haka ma kuɗin kwangilar da aka gama ana jiran a biya, komai ingancin takardarta. Abin da ake ƙirgawa shi ne na cikin akwati, na asusun banki, da rancen da banki ya riga ya amince a ɗiba. Mutum yana iya zama mai dukiya a takarda alhali kamfaninsa ya tsaya biya tun watanni.

Ga misali da na haɗa daga irin takardun da ke zuwa tebur ɗina, ba tare da sunan kowa ba, alƙaluman kuma na daidaita su don sauƙin bi. Kamfani ne mai sayar da siminti da rodi. A ƙarshen watan Maris, bashin da lokacinsa ya yi ya kai miliyan 38 na sefa: 24 na dilan siminti, 8 na banki, 6 na albashi da lanho da kuɗin CNSS. Abin da ke hannu miliyan 4 ne. Akwai miliyan 30 da kamfanin ke bin wani ɗan kwangila, wanda shi ma jiran biya yake yi. A ranar, duk bashin kamfanin miliyan 52 ne, duk abin da ya mallaka kuma, in an sayar aka karɓo abin da zai karɓu, zai kai 40. Giɓin miliyan 12 ke nan. Da shugaban ya je kotu kafin ƙarshen Afrilu, masu bin bashi za su sami wajen kashi uku cikin huɗu na kuɗinsu kafin a cire kuɗin shari'a, wataƙila ma a ceto kamfanin.

Bai je ba. Abin da irin wannan shugaba ke faɗa na sha jin sa: “Malam, kuɗina na hanya. Da an biya ni zan sallami kowa.” Da tsohon dila ya rufe masa ƙofa, sai ya nemi sababbi biyu da ba su san halin da ake ciki ba. Buhun da ya ɗauka bashi a kan jaka huɗu, ya riƙa kai shi Katako yana sayarwa jaka uku da rabi, kuɗi hannu. Kowane buhu asarar rabin jaka ce, amma yana kawo kuɗin da za a toshe bakin wanda ya fi hayaniya a makon. Ya kuma karɓi kuɗin kafin alƙalami daga masu gini a kan rodin da bai da shi. Bayan wata goma, da ɗaya daga cikin sababbin dilolin ya kai ƙara aka buɗe shari'ar rushe kamfanin, bashi ya kai miliyan 95, dukiya ta koma 35. Giɓin 12 ya zama 60.

Kotu takan naɗa wakili, wanda ake kira sandik, ya karɓi ragamar dukiyar a madadin masu bin bashi. Aikinsa na farko, wanda akanta irina ke taya shi, shi ne gano ainihin ranar tsayawar biya, domin kotu tana da ikon mayar da ranar baya har wata 18 kafin hukuncinta. Ranar ba ta ɓuya. Takardar asusun banki tana nuna cakin farko da ya dawo babu kuɗi. Littafin albashi yana nuna watan da aka fara biyan rabi. Akwai wasiƙun gargaɗi na hukumar haraji da na CNSS, kowace da kwanan watanta. Sai a jera takardun sayen siminti kusa da na sayarwa, a ga makon da farashin sayarwa ya faɗo ƙasa da na saye bai sake tashi ba. Shugaban da ya ce bai sani ba, sa hannunsa ne a kan waɗannan takardu.

Daga nan doka ta buɗe ƙofa biyu zuwa dukiyar shugaba, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Ta farko sashe na 183 ne. Idan dukiyar kamfani ta gaza bashinsa, kuma aka tabbatar da kuskuren gudanarwa da ya taimaka wajen wannan gazawa, kotu tana iya ɗora wa shugabanni bashin, duka ko wani sashe. Ba a buƙatar a nuna cewa mutum ya yi sata ko ya yi niyyar cuta. Ƙin bayyanawa cikin wa'adi, da sayarwa da asara don samun kuɗin hannu, da cin sabon bashi ba tare da hanyar biya ba, duk suna iya zama kuskuren da ake nufi. A misalinmu, abin da sandik zai fi nuna wa alƙali shi ne miliyan 48 da suka ƙaru tsakanin Maris da Janairu, domin su ne ba za su kasance ba da an tsaya a kan lokaci. Alƙali ne ke yanke adadin, kuma yana iya rage shi. Kuɗin da aka karɓo suna shiga tukunyar masu bin bashi gaba ɗaya, ba aljihun wanda ya fara kai ƙara ba.

Ƙofa ta biyu, sashe na 189, ta fi tsanani. Tana ba kotu damar jawo shugaban da kansa cikin shari'ar, a haɗa bashin kamfani da nasa, gidansa da motarsa su shiga lissafi. Ɗaya daga cikin dalilanta shi ne ci gaba da harkar da ke asara, wadda ba ta da makoma sai tsayawar biya, don amfanin kansa. A misalinmu wannan amfani ya fito fili. Rancen banki da gidan shugaban aka yi jinginarsa, kuma a cikin watannin nan goma banki kaɗai ya biya tsaf, da kuɗin simintin da ya ɗauko bashi. Wato ya fanshi gidansa da dukiyar diloli. Bayan wannan akwai haramcin shugabantar kowane kamfani, wanda zai iya kaiwa shekara goma, sannan sayen kaya don sayarwa ƙasa da farashi da nufin jinkirta tonuwar asiri yana cikin abubuwan da dokar ta lissafa a laifuffukan da ake gurfanar da mutum a kansu.

Akwai wata dabara da ta yawaita a garin nan: Alhaji ya sa sunan ƙanensa ko ɗansa a rajistar RCCM a matsayin shugaba, shi kuwa yana gida yana ba da umarni ta waya. Dokar ta riga shi. Ta haɗa shugaban da ke takarda da wanda ke juya kamfani a zahiri, na fili da na ɓoye, mai albashi da marar albashi. Wanda ke tattaunawa da diloli, yana cewa a biya wane a bar wane, shugaba ne ko sunansa bai fito ko'ina ba. Yaron da ya ba da aron sunansa shi ma bai tsira ba, don cewa “Yaya ne ya ce in sa hannu” ba ta wanke mutum a gaban alƙali. Masu harka har Kano su sani cewa dokar kamfanoni ta Najeriya ta 2020 ita ma ta tanadi irin wannan alhaki, bisa tsarin da Birtaniya ke bi tun 1986.

Ba kowace asara ce laifi ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma doka ba ta hukunta wanda kasuwa ta juya wa baya. Ta ma ba shi hanyoyi biyu, muddin bai kai ga tsayawar biya ba. Akwai sulhu, inda shugaban kotu ke naɗa mai shiga tsakani a tattauna da manyan masu bin bashi cikin sirri, na wata uku da za a iya ƙara wa wata ɗaya. Akwai kuma shirin rigakafi, wanda ke dakatar da ƙararrakin masu bin bashi na ɗan lokaci har a tsara yadda za a biya. Da shugabanmu ya nemi ɗayansu a watan Janairu ko Fabrairu na farko, lokacin da ya ga kuɗin kwangilar sun makale, da yana da abin nuna wa kowa. Ko bayan tsayawar biya, bayyanawa cikin kwana 30 ba ta nufin rufe shago, domin kotu tana iya zaɓar farfaɗo da kamfani idan akwai tsarin biya mai ma'ana.

Mai bin bashi kuma yana da nasa aikin. Idan abokin cinikinka ya fara sayar da kayanka ƙasa da yadda ka ba shi, ka daina ƙara masa kaya a ranar. Idan bashinka tabbatacce ne, sananne adadi, kuma lokacinsa ya yi, kana da ikon neman kotu ta buɗe shari'ar da kanka. In an buɗe, kana da kwana 60 daga sanarwa ta biyu a jarida ka kai wa sandik takardun bashinka, in kana cikin ƙasa. Ƙarar ɗora wa shugaba bashi tana da wa'adin shekara uku daga ranar da aka kammala jerin basussuka, don haka kada a bar sandik ya yi barci a kanta.

Ga shugaban kamfani, shawarata aiki ne na rabin awa a ƙarshen kowane wata. Ka raba takarda biyu: a dama abin da ya wajaba ka biya yanzu, a hagu kuɗin da za ka iya taɓawa yanzu. Duk wa'adin da dila ko banki ya ƙara maka, ka karɓe shi a rubuce, don shi ne zai fitar da wannan bashi daga layin dama. Watan da dama ta rinjayi hagu kuma babu takardar ƙarin wa'adi, ka rubuta kwanan watan, ka nemi lauya ko akanta a makon, kada ka sake ɗaukar buhu ɗaya bashi kafin ka gan shi.