Darasin Mako: Ina Yunit Ɗin Mitarmu Ke Tafiya?

'Yan uwa ɗalibai da malamanmu, a gidaje da yawa ana loda katin wuta, kafin sati ya zagayo mita ta fara kuka, sai a ce ai mitar ce ke gudu. Wani lokaci ba laifinta ba ne. Da hoto biyu da ɗan lissafi irin na aji ɗaya za ka iya gano gaskiya. Ga yadda muka yi a gidanmu.

Me ake nufi da yunit?

Yunit ɗaya shi ne abin da mita ke rubutawa kWh. Ma'anarsa, kayan wuta mai ƙarfin wat 1,000 ya yi aiki na awa ɗaya. Dutsen guga mai wat 1,000 zai cinye yunit ɗaya a awa guda, amma ƙwan fitila mai wat 10 sai ya yi awa 100 a kunne kafin ya ci haka. Dokar ita ce: wat sau awa, a raba da 1,000.

Idan aka sayi wuta, risiti kan nuna lambar mita, da kuɗin da aka biya, da yawan yunit, da lambobi 20 da ake dannawa a mita. Yawan yunit shi ne abin lura a nan, ba naira ba. Kuɗi iri ɗaya na iya ba da yunit kaɗan a wannan wata saboda farashi ya canza, ko an cire haraji da wani tsohon bashi. Wannan matsalar saye ce, kuma a risiti ake ganinta. Matsalar shan wuta kuwa a allon mita take.

Karanta hoton mita

Ka ɗauki hoton a tsaye daidai gaban allon, ba tare da filasha ba, don ƙyalli na ɓoye lambobi. Sai ka duba abu uku.

Na farko, allon mita da yawa yana sauya abin da yake nunawa. Akwai ragowar yunit, wadda ke raguwa kullum, akwai kuma jimlar duk wutar da aka sha tun da aka saka mitar, wadda ke ƙaruwa kullum. Ragowar muke so, kuma za ka ga kWh kusa da ita.

Na biyu, ka nemi ɗigo. 42.60 yunit arba'in da biyu ne da ɗoriya, ba dubu huɗu ba. Ɗigon ƙarami ne, don haka ka buɗa hoton ka gan shi da kyau.

Na uku, kusa da wata 'yar jar fitila akwai rubutu irin 1000 imp/kWh. Ma'anarsa, fitilar za ta ƙifta sau 1,000 kafin yunit ɗaya ya ƙare. A wasu mitocin lambar daban ce, ka karanta taka. Za mu dawo kanta.

Lissafin sati ɗaya

Ranar Litinin da ƙarfe 7 na safe na ɗauki hoto, mita ta nuna 42.60. Ranar Laraba Baba ya loda yunit 30. Litinin ta gaba, da ƙarfe 7 na safe dai, hoto ya nuna 23.60. Wanda ya kwatanta hotunan kawai zai ce yunit 19 muka sha, ya manta da katin Laraba. Lissafin daidai shi ne: ragowar farko, a tara da abin da aka loda, a debe ragowar ƙarshe.

42.60 + 30 − 23.60 = 49

Yunit 49 a kwana 7, wato yunit 7 kullum. To, shin hakan ya yi yawa? Lambar ita kaɗai ba za ta faɗa maka ba, sai ka auna ta da kayan gidan. Ƙarfin kowane kaya yana rubuce a jikinsa ko a bayansa, da harafin W. Ga namu:

Ƙwai 6 masu wat 10, awa 5: yunit 0.3
Fanka 2 masu wat 75, awa 8: yunit 1.2
Talabijin mai wat 100, awa 4: yunit 0.4
Dutsen guga mai wat 1,000, rabin awa: yunit 0.5
Firij, mun ƙiyasta masa yunit 1.5, tunda yana aiki yana hutawa

Jimla 3.9, a ce yunit 4. Da mita ta nuna 4.5 ko 5 ba za mu damu ba, don ƙiyasi ba ya zama cif. Haka kuma satin da wuta ta zauna sosai, ko lokacin zafi da fanka ke kwana a kunne, dole a sha fiye da kullum. Amma 7 a maimakon 4, kuma ba mu ƙara komai ba, wannan da walakin. Yunit 3 kullum yunit 90 ne a wata.

Gwajin jar fitila

Kafin a zargi kowa, sai a fara tambayar mutanen gida. Abubuwan da ke zafafa ruwa ko girki su ne manyan maciya wuta: hita mai wat 1,500 ta yi awa 2, yunit 3 sun tafi ke nan. A gidanmu ba mai amfani da ita.

Don haka da rana, akwai wuta, muka kashe komai, muka zare firij daga soket, muka tsaya gaban mita da agogo. Idan babu abin da ke jan wuta, jar fitilar ba za ta ƙifta ba. Tamu ta ƙifta sau 3 a minti ɗaya. Sau 3 a minti sau 180 ne a awa. Tunda ƙiftawa 1,000 ne yunit ɗaya, akwai abin da ke jan kimanin wat 180 a ɓoye. A satin muna samun wuta kamar awa 16 a rana. 180 sau 16 a raba da 1,000 ya ba da 2.88, kusan yunit 3 ɗin da muke nema.

Baba ya kira mai gyaran wuta. Ya riƙa kashe makunnan akwatin rarraba wuta ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina kallon fitilar. Da ya kashe na uku, sai ta tsaya cak. Ashe wata tsohuwar waya ce daga wannan layi ta shiga shagon da ke ƙofar gida, tun kafin a ba da shi haya. A shagon akwai tsohon firij na lemo wanda robar ƙofarsa ta saki, injinsa ba ya hutawa. Mai shagon ma bai san daga mitarmu yake sha ba. Aka cire wayar, satin da ya biyo baya muka koma yunit 4 da ɗan kai.

Da a ce an kashe babban makunni na gida gaba ɗaya amma fitilar ta ci gaba da ƙiftawa, to matsalar tana tsakanin mita da makunnin, ko a mitar kanta. A nan sai a kai ƙorafi ofishin kamfanin wuta, a tafi da hotuna da risitai. Kada ka taɓa waya, kada ka buɗe mita ko ka cire hatiminta: akwai haɗarin rai, akwai kuma tara.

Aikin gida

Wata mita ta nuna 18.40 ranar Asabar da safe. Aka loda yunit 25 ranar Lahadi. Ranar Alhamis da safe ta nuna 13.40. Yunit nawa ake sha a rana? Idan kayan gidan yunit 3.5 ya kamata su ci, ina za ka fara dubawa? A rubuta amsa da suna da aji, a jefa a akwatin kulob kafin Juma'a.