Sirrin Haɗa Hoton Lacca na Kyamara Uku

'Yan'uwa ɗalibai, ran nan na ɗauki laccar malaminmu da kyamara uku. Da na zo haɗawa, sai na ga leɓensa ya riga muryarsa. Ashe na manta ban tafa hannu ba tun farko.

To, ga dabarar. Kyamarori na kamawa, ka yi tafi ɗaya a gabansu. A kwamfuta, tafin zai fito kamar tsini cikin zanen sautin kowace kyamara. Jera tsinin nan uku daidai. Sa'an nan riƙe sautin makirufon malam kaɗai, hoto kurum za ka riƙa sauyawa. In ya nuna allo, koma allo. In ba dalili, bar hoto inda yake.