Shafin Godiya a Kundin Digiri na Uku: Yabo Daidai Wa Daida

Gabatarwa

Shafin godiya yana cikin shafukan farko na kundi, galibi bayan sadaukarwa kuma kafin tsakure. Ɗalibai da yawa sai a daren da za a kai aiki wurin ɗauri suke rubuta shi, alhali kuwa yana cikin abin da mai jarrabawa zai fara cin karo da shi. Wannan muƙala za ta yi tsokaci a kan ƙa'ida guda: duk wanda za a gode wa, a faɗi aikin da ya yi, a bar zuga.

Godiya ga Mai Duba Aiki

Yabon gwani ya zama dole, amma kundi ba fagen kirari ba ne. Dubi wannan misali:

“Godiya marar iyaka ga babban malamina, kogin ilimi, giwar malamai, uba ga marayu, Farfesa Wane, wanda ba don shi ba da wannan aiki bai tabbata ba.”

Matsala biyu ke nan. Da farko, mai karatu bai san abin da malamin ya yi ba, domin wannan kirari zai hau kan kowane malami. Na biyu, jimlar ƙarshe ta rage wa ɗalibi daraja, tunda digiri na uku shaida ce cewa mutum ya iya bincike da ƙafarsa. Ga yadda za a gyara:

“Ina godiya ga mai duba wannan aiki, Farfesa Wane, wanda ya karanta kowane babi fiye da sau ɗaya. Shi ne ya ba ni shawarar taƙaita binciken a kan Hausar ’yan kasuwar shanu, maimakon Hausar zango baki ɗaya. Allah ya saka masa da alheri.”

A nan an kawo suna da muƙami, an faɗi aiki, an rufe da addu'a ɗaya. Hanyar gwaji kuwa mai sauƙi ce: a cire sunan malamin a sa na wani. Idan jimlar ta zauna daram, to ba ta faɗi komai ba.

Idan masu duba aikin biyu ne, a fara da babba, amma kowa a ambaci gudummawarsa. A jami'o'in da ke wajen ƙasar Hausa, mai yiwuwa malamin ba Bahaushe ba ne, ko ba Musulmi ba. Saboda haka a rubuta sunansa kamar yadda shi yake rubutawa, addu'ar kuma ta zama wadda za ta dace da shi, kamar ta ƙarin lafiya. Mai jarrabawa na waje kuwa ba a gode masa a kwafin da za a aika masa kafin kare kundi, don kada abin ya yi kama da toshiyar baki.

Godiya ga Iyali

Iyali su ne a ƙarshe, bayan malamai, da hukumar da ta ɗauki nauyin karatu, da waɗanda aka yi hira da su. Wannan ba raini ba ne, tsari ne daga aiki zuwa gida. Kuskuren da aka fi yi shi ne jera sunaye talatin ko arba'in, har da surukai da maƙwabta. Da zarar jerin ya yi tsawo, wanda aka manta zai ƙullaci marubuci, wanda aka sa kuma ba zai ji an fifita shi ba. Sakin layi ɗaya ya isa:

“Ina godiya ga mahaifiyata saboda addu'o'inta, da marigayi mahaifina da ya sa ni makaranta, Allah ya jiƙansa. Haka kuma ina gode wa maiɗakina, wadda ta riƙe gida a watannin da na yi ina tattara bayanai.”

Alkunyar Bahaushe ta taimaka a nan, domin “maigidana” ko “maiɗakina” sun wadatar ko ba a kama suna ba. A kuma tuna cewa kundi ɗakin karatu zai shiga, baƙi za su karanta. Don haka labarin rashin lafiya, ko bashi, ko habaici ga maƙiya ba su da gurbi a ciki. Haka nan wanda aka yi hira da shi bisa alkawarin sakaya sunansa, kada a tona shi a shafin godiya.

Kammalawa

Shafi ɗaya, ko ɗaya da rabi, ya isa. A rufe da cewa duk kuskuren da aka gani a kundin na marubuci ne, sannan a sake duba sunaye da muƙamai ɗaya bayan ɗaya kafin a kai wurin ɗauri.